Rim yana ƙarewa, ba a san wa ya buga ba: yadda ake raba lissafin bugu tsakanin sassan makaranta

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ce ma'ajin wata makarantar sakandare mai ɗalibai kusan 600. Muna da babbar na'urar fotokwafi ɗaya, Kyocera TASKalfa, da ita ake kwafi, da ita kuma kwamfutocin ofis ke bugu. Duk wata sai katan-katan na takarda sun ƙare, tona, wato tawadar na'urar, ma haka, kuma kowane sashe yana cewa ba shi ba ne. An ce mini ana iya ba kowane sashe lamba a kuma yanke masa adadin da ba zai wuce ba. Yaya ake yi, kuma nawa ya kamata in ba kowa?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ana yi, kuma ba sai kin sayi komai ba, don tsarin yana cikin na'urar tun daga kamfani. A Kyocera sunansa `Job Accounting`. Mai Canon zai same shi da sunan `Department ID Management`, a Ricoh `User Code Authentication`, a Konica Minolta bizhub `Account Track`. Aikin duk iri ɗaya ne: na'ura ba za ta yi kwafi ko bugu ba sai an shigar da lamba, kowace lamba kuma tana da nata ƙidayar shafuka da nata iyakar.

Shawarata dai kada ki fara da yanke kaso. Ki fara da ƙidaya kawai, wata guda cur ba tare da an hana kowa komai ba. Abin da na saba gani a makarantu shi ne a kunna lamba da iyaka rana ɗaya, da adadin da aka ƙiyasta a zaune cikin ofis. Mako biyu sai malamin kimiyya ya tsaya gaban na'ura da gwajin da zai bayar ƙarfe goma, na'ura ta ƙi, a kira shugaban makaranta, shi kuma ya ce a cire abin gaba ɗaya. Daga ranar ba wanda zai sake yarda a mayar. Kason da zai ɗore daga ƙidaya yake fitowa, ƙidayar kuma sai an tabbatar da gaskiyarta.

## Kafa lambobin a jikin na'ura

Za ki buƙaci sunan shiga da kalmar sirrin mai kula da na'urar. Idan na'urar ta hannu ce, ki sa mai gyaranku ya ba ki su, sannan ki canza kalmar sirrin a gabansa ki adana ta ke da shugaban makaranta kaɗai. Wadda ke zuwa daga kamfani kowa zai iya samun ta cikin littafin na'urar, kuma wanda ya shiga da ita yana iya goge ƙidayar sashensa ko ya ƙara wa kansa kaso.

A allon na'urar ki shiga `System Menu`, sannan `User Login/Job Accounting`, sannan `Job Accounting Setting`, ki mai da `Job Accounting` ya koma `On`. A ƙarƙashin `Accounting List` ake ƙara sassa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da suna da `Account ID`, wato lambar da ba ta wuce alƙaluma takwas ba. Jerin shafukan allon yana ɗan bambanta daga samfuri zuwa samfuri, amma waɗannan sunayen za ki gani. Idan na'urar tana kan netwok, kina iya rubuta adireshin IP ɗinta, wato lambar da netwok ya san ta da ita, a burauza ki shiga shafin saitunanta mai suna `Command Center RX` ki yi wasu saitunan daga kujerarki.

Kada ki ba da lambobi a jere, 1001 ga kimiyya, 1002 ga lissafi, 1003 ga harsuna. Duk wanda ya san tasa ya san ta kowa, kuma ranar da kasonsa ya ƙare da ta maƙwabcinsa zai buga. Ki ba da alƙaluma shida da ba su da alaƙa da juna, ki miƙa wa shugaban kowane sashe a rubuce ya sa hannu, a kuma canza su farkon kowane zango. Lambar da aka rubuta da biro a jikin murfin na'ura, ko a takardar da aka manna a bango, ta tashi daga aiki.

Ki buɗe lambobi biyu da ba na sashen koyarwa ba. Ɗaya ta jarrabawar ƙarshen zango, ɗaya ta mai gyara, don shafukan gwajin da yake fitarwa idan ya zo aiki kada su hau kan wani.

Akwai saiti ɗaya da idan aka manta da shi duk wahalar ta tashi a banza: `Unknown ID Job`. Shi ne yake faɗa wa na'ura abin da za ta yi da aikin da ya zo daga kwamfuta ba lamba. Idan yana kan `Permit`, za ta buga, shafukan kuma ba za su hau kan kowane sashe ba. Dole a ƙarshe ya koma `Reject`. Amma kada ki mai da shi sai an gama da kwamfutoci, in ba haka ba ofisoshi duka za su wayi gari ba sa iya bugu.

## Ɓangaren kwamfuta, inda aka fi samun matsala

Kwafi mai sauƙi ne, mutum yana tsaye, allo ya tambaye shi lamba, ya danna. Bugu daga kwamfuta kuwa lambar tana tafiya ne a cikin aikin da aka tura, kuma manhajar firintar da ke kan kwamfutar, wadda masu gyara ke kira direba, ita ce ke saka ta. Sau da yawa Windows yakan ga firinta a netwok ya ɗora mata direban gama-gari da kansa. Wannan direban yana bugu lafiya lau, amma ba shi da gurbin lamba ko kaɗan. Alamarsa ita ce bayan an kunna `Reject`, sakatare ya danna bugu, aikin ya fita daga layin jira a kwamfuta kamar ya tafi, amma na'ura ba ta fitar da komai ba. In kin duba tarihin ayyuka a na'urar za ki ga an soke shi, wani lokaci allon ya nuna `Incorrect account ID`. Mutane kan zaci waya ce ta tsinke su kira mai gyara, alhali direba ne.

Maganin shi ne a cire wancan a sa `KX Driver` na Kyocera a kowace kwamfuta. A cikin `Printer properties` a shiga `Device Settings`, a danna `Administrator`, a je `Job Accounting`. Zaɓi biyu ne suka shafe ki. `Use specific account ID` yana adana lamba ɗaya, duk abin da aka buga daga wannan kwamfutar ya hau kanta ba tare da an tambaya ba. Wannan ya dace da kwamfutar ofishinki ko ta sakataren shugaban makaranta, inda ƙofa ke da makulli. `Prompt for account ID` kuwa yana tambayar lamba a duk bugu, shi ne na kwamfutar ɗakin malamai da kowa ke hawa. Idan aka yi kuskure aka adana lambar sashen lissafi a kwamfutar ɗakin malamai, ƙarshen wata za ki ga lissafi ya cinye rabin bugun makaranta, ki je ki yi wa bayin Allah faɗa a kan abin da ba su yi ba.

Wayoyin hannu ma suna shiga wannan ramin. Idan malamai sun saba turo bugu kai tsaye daga waya, yawanci ba lamba a cikin aikin, don haka zai tsaya. Ki sanar da su kafin ranar, su riƙa kawo fayil a filas ko su bi ta kwamfutar ɗakin malamai.

Sai mantuwar fita. Malami ya gama kwafi ya tafi bai danna `Logout` ba, na bayansa ya ci gaba a kan lambarsa. Ki kunna `Auto Panel Reset` ki rage `Panel Reset Timer` zuwa daƙiƙa talatin ko arba'in. In ya yi gajarta da yawa, mai jera takardu a kan gilashi zai riƙa samun na'ura ta fitar da shi a tsakiyar aiki.

## Watan ƙidaya, da lissafi uku da dole su haɗu

Kafin a fara, ki fahimci abin da na'ura ke ƙirgawa. Shafi take ƙirgawa, wato fuskar da ta zuba wa tona, ba fallen takarda ba. Falle ɗaya gaba da baya shafi biyu ne. Shafi biyu da aka matse a fuska ɗaya, ɗaya ne. Babbar takarda A3 a na'urori da yawa ana saita ta ta ci biyu. Kada ki ɗauki maganar kowa a nan, ki gwada da hannunki: da lambar mai gyara ki buga shafi goma gaba da baya, ki buga A3 guda ɗaya, ki duba nawa ƙidaya ta ƙaru.

Lissafi uku za ki riƙe. Na farko babbar ƙidayar na'ura, wadda ake gani a `Counter`, ba ta gogewa. Na biyu jimillar ƙidayar sassa, wadda `Print Accounting Report` ke fitarwa a takarda. Na uku littafin sito, rim nawa aka fitar. Kamar mitar gidan haya ce da ƙananan mitocin ɗakuna: in an haɗa na ɗakuna ba su kai babbar ba, akwai wayar da ta bi ta baya.

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da na tsara don bayani. A ce ranar farkon wata babbar ƙidaya tana kan 412,380, ƙarshen wata ta kai 431,020. An buga shafi 18,640 ke nan. Rahoton sassa ya nuna kimiyya 4,150, harsuna 3,900, lissafi 3,020, zamantakewa 2,480, Islamiyya 1,610, ofishin shugaba 1,240, ofishin kuɗi 890. Jimilla 17,290. Shafi 1,350 ba su da uba.

Ɗan giɓi na shafi ashirin ko hamsin ba abin damuwa ba ne, rahotannin da na'ura ke fitarwa da kanta suna iya kawo shi. Amma 1,350 ya haura kashi bakwai cikin ɗari, kuma dalilinsa kusan kullum ɗaya ne cikin biyu: ko `Unknown ID Job` yana nan a `Permit` wata kwamfuta tana bugu ba lamba, ko wani mai kalmar sirri ya kashe tsarin na ɗan lokaci ko ya goge ƙidayar wani sashe a tsakiyar wata. Tarihin ayyuka zai nuna miki sunan kwamfutar ko mai amfani da ita da lokacin bugu. Tarihin ba ya riƙe ayyuka masu yawa, sababbi suna ture tsofaffi, shi ya sa a watan farko gara ki duba duk Juma'a maimakon ki jira ƙarshen wata.

Yanzu takarda. Rahoton yana raba shafukan fuska ɗaya da na gaba da baya. A ce cikin 18,640 ɗin, 6,000 gaba da baya ne.

```
falle = fuska ɗaya + (gaba da baya / 2)
      = 12,640 + 3,000 = 15,640
rim   = 15,640 / 500 = 31.3
```

Na'ura ta ci rim 31 da ɗoriya. Littafin sito kuma ya ce an fitar da rim 38, wato falle 19,000, akwai kamar rim ɗaya da ya rage a cikin aljihunan na'ura. Falle 2,860 sun bar sito ba su shiga na'ura ba, kusan rim shida. Cushewar takarda ba ta kai haka, ko da damina ce takarda ta sha danshi. Wannan giɓin ba lambar da za ta toshe shi, kuma nan ne nake so ki sa ido sosai, domin makarantu da yawa suna ɗora wa na'ura laifin da na sito ne. Sau da yawa ma ba sata ba ce: an ɗebi farar takarda an raba wa ɗalibai su rubuta amsar gwaji, ko akwai wata ƙaramar firinta a teburin mataimakin shugaba da aka manta da ita, tana cin rim ɗinta a gefe. A ware wa waɗannan shafinsu dabam a littafin sito, sannan mutum ɗaya ya zama shi ke zuba takarda a babbar na'ura, a kulle sauran.

## Nawa za a ba kowa

Bayan lissafin ya haɗu, kina da abin da kowane sashe ya buga. Amma abin da aka buga ba shi ne abin da ake bukata ba. In kika mai da ƙidayar watan farko ta zama kaso kai tsaye, kin saka wa mai almubazzaranci kin hukunta mai tattali. Don haka ki zauna da shugaban kowane sashe ku lissafa daga ɗalibai.

Ɗauki kimiyya. A ce ɗalibai 180 ne ke ɗaukar fiziks da kemistiri da bayoloji. Kowane darasi a wata yana da gwaji mai shafi biyu da takardar aiki mai shafi huɗu, shida ke nan. Shida sau uku sau 180 ya ba da 3,240. Malamai takwas, kowanne shafi 40 na shirin darasi da makamantansu, 320. An samu 3,560. Ki ƙara kashi goma cikin ɗari saboda kuskuren bugu da ɗalibin da ya ɓatar da tasa, ya zama kusan 3,900. Ƙidaya ta nuna 4,150, to bambancin 250 ne kawai, sashen yana kan hanya, kaso 3,900 ba zai shaƙe shi ba. Da lissafin bukata ya ba da 2,000 alhali an buga 4,150, sai a tambayi me ake bugawa. Galibi littafi ne sukutum ake kwafa babi-babi, ko aikin karatun wani malami na jami'a.

Jarrabawar ƙarshen zango kada ta taɓa kason sassa. Ɗalibai 600, kowanne takarda tara, kowace shafi uku, 16,200 ke nan a cikin mako biyu, kusan bugun wata guda na makarantar duka. In aka bar ta a kan lambobin sassa, kowa zai ƙare kasonsa a daidai lokacin da ba a iya cewa a jira. Lambar jarrabawa tana hannun jami'in jarrabawa, a sa mata nata adadin, da an gama kuma a mai da ita `Reject Usage` har zango mai zuwa.

Iyakar kanta ana sa ta a cikin kowace lamba ta zaɓin `Counter Limit`. Akwai saitin `Copy/Printer Count` da ke tambaya ko a haɗa kwafi da bugu a iyaka ɗaya ko a raba. Ki haɗa su. In aka raba, wanda kason bugunsa ya ƙare zai koma kwafi, ke kuma kina bin alƙaluma biyu ba riba. Idan na'urar mai kala ce, kala ce ya kamata a ware: a rufe ta ga kowa in ban da ofishin shugaba, domin shafin kala ya ninka baƙi da fari tsada sau da yawa.

Sai abin da zai faru idan an kai iyaka, wato `Apply Limit`. `Immediately` yana tsayar da aikin nan take, ko da an buga wa ɗalibai 25 cikin 40. `Subsequently` yana barin aikin da ke tafiya ya ƙare, ya ƙi na gaba. `Alert Only` gargaɗi kawai yake nunawa. A makaranta ni `Subsequently` nake zaɓa, don rabin gwaji asarar takarda ne da lokaci. Yana da kafa ɗaya: wanda ya rage masa shafi goma yana iya tura aiki mai shafi ɗari biyar ya wuce. Rahoton ƙarshen wata zai nuna ya haura, sai a cire daga kason wata mai zuwa. A wata na biyu, kafin a fara hanawa da gaske, ki sa `Alert Only` mutane su saba da ganin inda suke.

Ki tanadi hanyar neman ƙari tun kafin a bukace ta: takarda 'yar ƙarama da shugaban sashe zai sa wa hannu, da adadi da dalili, da mutum biyu da ke iya shiga su ƙara, don ranar da kika tafi banki kada aiki ya tsaya.

Na'urar ba ta san wata ya ƙare ba. Ba ta sabunta kaso da kanta, sai an yi `Counter Reset`. Ki fitar da rahoto tukuna, ki rubuta babbar ƙidaya da kwanan wata a jikinsa, ki sa a fayil, sannan ki goge, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Akwai wata hanyar da na fi so ga makaranta: kada a goge sai ƙarshen zango, a riƙa ɗaga iyakar duk wata. Kimiyya 3,900 a watan farko, 7,800 a na biyu, 11,700 a na uku. Ta haka wanda ya yi tattali ragowarsa na biye da shi, ba kuma za a riƙa rububin ƙarar da kaso a makon ƙarshe na wata don kada ya tafi a banza ba.

In hukumar makaranta tana son ganin abin a naira, kada ki raba kuɗin tona da adadin shafukan da aka rubuta a kwalinta. Wancan adadin an auna shi ne da shafin gwaji mai rubutu kaɗan, wanda tona ke rufe kusan kashi biyar cikin ɗari na fuskarsa. Takardar bayoloji mai zane, ko kwafin littafin da gefensa ke fitowa baƙi ƙirin, ta fi haka ci nesa. Ki rubuta babbar ƙidaya ranar da aka sa sabuwar tona da ranar da ta ƙare, bambancin shi ne abin da take ba ku a zahiri. Ki ƙara kuɗin takarda da na gyara da na kayan da ake canzawa, ki raba da shafuka.

## Inda wannan tsarin ya tsaya

Lambar sashe tana gaya miki sashe ne kawai. Ba ta gaya miki wane malami ba, a kwafi kuma ba ta san me aka ɗora a gilashi ba. Kina iya ba kowane malami lambarsa, na'urar za ta ɗauka, amma bin lambobi arba'in da hannu duk wata aiki ne da ba a jimawa ake watsar da shi. Kuma ƙidayar tana cikin na'ura ɗaya. Ranar da kuka sayi ta biyu, kaso ya rabu gida biyu, sai kin riƙa haɗa rahotanni da kanki. Idan babban allon lantarkin na'urar ya ƙone aka canza shi, lambobi da ƙidayar sassa na iya tafiya tare da shi, wanda shi ne dalilin ajiye rahoton takarda da jerin lambobin a fayil.

Idan kuka kai na'ura uku ko fiye, ko kuna son ɗalibai su riƙa bugu a ɗakin kwamfuta kowa da kasonsa, lokacin manhaja irin PaperCut ya yi. Tana ƙidaya da sunan mutum, tana nuna sunan fayil, tana sabunta kaso da kanta. PaperCut NG bugun da ya bi ta kwamfutar da aka ɗora ta a kai yake ƙirgawa, ba ya ganin kwafin da aka yi a gilashi. Wanda ke kama kwafi shi ne PaperCut MF, da ake ɗorawa a cikin na'urar ta hannun dillali, da kuɗin lasisi. Dukansu suna bukatar kwamfuta ɗaya da ke kunne duk lokacin aiki, don haka sai an haɗa ta da inbata, in ba haka ba duk sanda aka ɗauke wuta kafin a tada janareta bugu ya tsaya har sai ta gama tashi. Ga makaranta mai na'ura ɗaya da sassa bakwai ko takwas kamar taku, abin da ke cikin TASKalfa ɗin ya isa. Kuɗin lasisin gara ya tafi wajen sitabilaiza mai ƙarfin da zai ɗauki na'urar, da kabad mai makulli na ajiye rim.